Makonni Goma Sha Biyu a Gaban Malam: Yadda Baligi Zai Koyi Farillan Addininsa

Duk wanda ya zauna da mutanen ƙauyukan da ke tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, irin su Dangamaji, ya san akwai dattawa da magidanta da matan aure masu yawa waɗanda noma ko fatauci ko auren wuri ya ɗauke su daga makarantar allo tun ba su yi nisa ba, suka girma suna salla da azumi bisa abin da suka ga iyayensu na yi, kuma kunya ta hana su komawa su durƙusa cikin yara. Irin waɗannan bayin Allah su ne ake nufi da karatun makonni goma sha biyu, wanda a cikinsa kowane mako yake da maƙasudi guda da za a iya gani da ido ko an cim masa.

Karantar da manya ba baƙon abu ne a wannan ƙasa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara shekaru kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804, yana karantar da talakawa asalin addini da harshen da suke ji, kuma a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da suke tara almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Almajirinsa Abdussalami ya zauna da jama'arsa a Gimbana, ɗansa Buhari kuwa shi ya kafa Jega. Daga baya Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke karɓar karatu a wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Littattafan da aka gada na matakin farko su ne Ƙawa'idi, da Ahalari, da Ishmawi, da Iziyya, kafin a kai ga Risala ta Ibn Abi Zaidin, dukkansu bisa mazhabar Imamu Malik. Sai dai a zaure ana bin su ne baƙi bayan baƙi har tsawon shekaru, shi kuwa baligi mukallafi ne wanda salla take kansa tun daren da ya fara zuwa karatu, saboda haka wajibi ne a gabatar masa da abin da ibadarsa ba ta inganta sai da shi, a jinkirta sauran.

Tsarin da ya dace da manoma shi ne zama uku a mako, tsakanin Magariba da Isha'i ga maza, da hantsi ko bayan La'asar ga mata a gidan malama, kuma a fara bayan an gama kaka, a kauce wa lokacin da masu albasar Aliero da masu shinkafar fadama suke kwana a gona. Kowane zama a buɗe shi da gyaran karatun Fatiha da gajerun surori, ɗalibi yana biyawa malam yana saurare, tun daga makon farko har na ƙarshe, domin harshen babba ba ya saurin lanƙwasa, kuma Fatiha rukuni ce da ba a jira da ita.

Makonni uku na farko na tauhidi ne. A na farko maƙasudi shi ne ɗalibi ya furta kalmar shahada daidai, ya faɗi ma'anarta da Hausa, ya kuma rarrabe Musulunci da imani da ihsani kamar yadda suka zo a hadisin Jibrilu. A na biyu ya san abin da ya wajaba ga Allah Maɗaukaki, da abin da ya koru gare Shi, da abin da ya halatta, bisa siffofi ashirin da malaman ƙasar nan suka saba karantarwa daga littafin Sanusi. A na uku ya san mala'iku da littattafai da manzanni da ranar alƙiyama da ƙaddara. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a cika wa mai fara karatu kunne da jayayyar masu ilmin kalami har ya fara shakkar imaninsa, alhali Shehu da kansa ya yi raddi ga waɗanda suke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin hankali ba. Alamar an yi nasara ita ce mutum ya bayyana aƙidarsa da kalmominsa, ya kuma gane abin da yake karo da ita cikin al'ada, kamar zuwa wurin boka ko yanka don tsafi.

Mako na huɗu zuwa na shida na tsarki ne, kuma a nan a rage magana a fito da buta. A na huɗu ɗalibi ya rarrabe ruwan da ake ibada da shi: ruwan gulbi da ya yi ja saboda ƙasar da yake gudana a kanta yana tsarkakewa, amma wanda sabulu ko mai ya sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba a alwala da shi, ko da yana da tsabta. A na biyar ya yi alwala a gaban malam yana ambaton farillanta bakwai, wato niyya, da wanke fuska, da wanke hannuwa har gwiwar hannu, da shafar kai, da wanke ƙafafu har idon sawu, da cuccuɗawa, da jerantawa ba tare da dogon jinkiri ba. Malam ya sunkuya ya duba diddige da tsakanin yatsu da bayan gwiwar hannu, domin a nan ake barin lam'a, musamman da hunturu sa'ad da kaushi ya kama ƙafa mutum yana gudun ruwan sanyi. Mako na shida na wankan janaba ne da taimama, mata kuma su sami zamansu daban a kan haila da biƙi, domin tambayoyin da suka fi damunsu ba za su yi su gaban maza ba.

Salla ta ɗauki mako na bakwai da na takwas da na tara. A na bakwai a san lokuta da siffar salla daga kabbarar harama zuwa sallama, tare da natsuwa a ruku'u da sujada. A na takwas a rarrabe farilla da sunna, a san hukuncin bin liman. Wannan rarrabewa ita ce mabuɗin mako na tara, makon ƙabli da ba'adi, wanda ya fi kowane wuya, kuma ƙa'idarsa uku ce: wanda ya rage sunna mai ƙarfi da mantuwa ya yi sujada biyu kafin sallama, wanda ya ƙara ya yi su bayan sallama, wanda ya haɗa ragi da ƙari ya yi ƙabli. Farilla kuwa sujada ba ta gyara ta, sai an kawo ta.

A ɗauki misalin magidanci da yake sallar Azahar shi kaɗai a gona, ya gama raka'a ta biyu ya yunƙura zai miƙe bai zauna tahiya ba. Idan ya tuna tun hannuwansa da gwiwoyinsa ba su rabu da ƙasa ba, sai ya zauna, babu komai a kansa. Idan ya riga ya miƙe, ba ya komawa, domin ba a barin farilla a koma wa sunna. Sai ya ci gaba, ya yi ƙabli saboda ragi. Idan kuma ya jahilci wannan ya koma ya zauna bayan ya miƙe, sallarsa ba ta ɓaci ba, amma ba'adi ya hau kansa. To, a ce ya ci gaba yadda ya kamata, sai kuma shakka ta kama shi ko raka'a uku ya yi ko huɗu: sai ya yi gini a kan abin da ya tabbata, wato uku, ya kawo ɗaya, wadda a kanta kaɗai da ba'adi zai yi, amma tun da akwai ragin tahiya a baya, ragi da ƙari sun haɗu, ƙabli zai yi, sujada biyu kuma sun wadatar. Malam kada ya gamsu da ɗalibi ya haddace wannan. Ya tsayar da shi a kan tabarma, ya jefa masa mas'alar yana tsakiyar gwaji, ya ga abin da jikinsa zai yi.

Mako na goma na azumi ne: ganin wata, kwana da niyya, da bambanci tsakanin abin da ke wajabta ramuwa kaɗai da abin da ke wajabta kaffara, wadda daga cikin nau'o'inta akwai ciyar da miskinai sittin ko azumin wata biyu a jere. Na goma sha ɗaya na zakka ne, kuma ya kamata a gina shi a kan abin da mutanen wurin suke nomawa. Nisabin hatsi wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300, ko mudun Annabi 1,200. Gero da dawar damina ana fitar musu da ɗaya bisa goma, shinkafar da aka shayar da inji kuwa ɗaya bisa ashirin; wanda ya sami buhu arba'in na shinkafar rani buhu biyu zai fitar, alhali da ruwan sama ya shayar da ita huɗu ne. Albasa a mazhabar Malikiyya babu zakka a kan ita kanta, sai dai kuɗin da aka sayar da ita, in sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo suna hannu, a fitar da ɗaya bisa arba'in. Maƙasudin makon shi ne kowane ɗalibi ya lissafa zakkar gonarsa ta bara da bakinsa.

Mako na ƙarshe a taɓa hajji a taƙaice, a koyar da wankan gawa da sallar jana'iza mai kabbara huɗu, a ja kunne kan tauye mudu da algus da riba da giba, sa'an nan a yi bita: kowa ya yi alwala, ya yi salla raka'a huɗu, ya amsa mas'ala ɗaya ta rafkanuwa. Wanda ya kasa wani sashe a maimaita masa a keɓe, domin dattijon da aka gyara wa karatu da tsawa gaban sa'o'in 'ya'yansa ba ya sake zuwa.

Iyakar wannan karatu a bayyane take, kuma haƙƙin malam ne ya faɗe ta tun ranar farko: zama talatin da shida ba sa mayar da mutum mai fatawa, ba su kuma ƙunshi aure da saki da gado da ciniki ba, waɗanda sai an shiga Iziyya da Risala. Abin da suke bayarwa shi ne ibada ingantacciya da sanin inda ilmin mutum ya tsaya, don ya tambaya kafin ya aikata. Saboda haka limamai da malaman unguwa, a ranar rufe karatu, su sanya wa ɗaliban ranar da za a buɗe Ahalari daga farkonsa, a bi shi baƙi da fassara, kafin ruwan shuka ya sauka jama'a su watse zuwa gonaki. Allah Ya sa mu dace.