Bayin Karo a Bakin 'Yar Gida

A ƙarshen 1949, wata tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai ta riƙa zama kusan kullum da wata Baturiya a ƙasar Zazzau, tana ba ta labarin rayuwarta. Baba ake ce mata, mutuniyar Karo. Baturiyar kuwa Mary Smith ce, matar M. G. Smith, mai binciken al'adu, wanda shi a matsayinsa na namiji ba shi da ikon shiga cikin gida wurin matan kulle. Baba na magana, Mary na rubutawa da hannu cikin Hausa, har wajen mako shida. Littafin ya fito da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta gan shi ba, ta rasu a 1951.

Wanda ya saba da tsofaffin littattafan tarihinmu zai gane girman wannan abu. Ka buɗe Tarihin Kano, sarki kaza ya hau, ya yi yaƙi, ya yi shekara kaza, ya mutu. Bayi kan shigo ne a ƙidaye, ɗari ko dubu, a jerin ganima tare da dawakai. Mace kuwa galibi sai in ta haifi sarki ake ambaton sunanta. Ga shi nan Baba, wadda aka haifa wajen 1877, ba 'yar sarauta ba, tana faɗin aurenta huɗu, da zaman kishi, da ƙawance, da yadda ta riƙi 'ya'yan dangi tun da Allah bai ba ta haihuwa ba.

Amma ni inda littafin ya fi tsaya mini a rai wani wuri ne daban. Iyayen Baba masu bayi ne. Danginta na da rinji, wato ƙauyen bayi masu noma gonar iyayengijinsu. Saboda haka duk abin da muka ji game da bayin Karo, daga bakin 'yar gida muka ji shi. Muryar da muke murna an tsamo daga shiru, ita kanta ta tsaya a gaban wasu mutane, sai ta bayanta muke hango su.

To, yaya mai rubuta tarihi zai yi da irin wannan shaida? Ba zai yar da ita ba, don ba shi da wata da ta kai ta. Ba kuma zai haɗiye ta ɗungurungum ba. Aikin farko shi ne ya tsefe maganar, ya raba abin da Baba ta gani da idonta da hukuncin da ta yanke a kansa.

Ga misali. Baba ta bayyana yinin bawa da damina: da hantsi a fita gandu, da rana a kawo abinci gona, da azahar a tashi, kowa ya nufi 'yar gayaunarsa. Wannan abu ne da yarinya mai kai da kawowa a cikin gida za ta sani, ba ta kuma da wata riba in ta canza shi, don haka ana iya dogara da shi. Amma hoton zaman lafiya da ke fitowa daga labarin, inda dimajai, wato bayin da aka haifa a gida, suke kamar 'yan'uwa, ana biki tare ana suna tare, wannan kallo ne daga ɗakin uwargida. Ba ƙarya ta yi ba. Haka abin yake a wurinta. Sai dai wanda ke cin tuwo da wanda ya yi sussuka ba lalle su ba da labarin kaka iri ɗaya ba.

Akwai kuma wani ma'auni a cikin littafin kansa. Da mahara suka kama wasu daga cikin danginta, Baba ta ba da labarin dalla-dalla: tashin hankalin gida, neman inda aka kai su, tara wuri don fansa. A nan bauta musiba ce mai hawaye. Amma mutanen rinji, waɗanda su ma an rabo su ko iyayensu da wani gari ta irin wannan hanya, ba a ba raɗaɗinsu irin wannan fili ba. Mai karatu ya aza labaran biyu gefe da gefe, sai ya ga gurbin da aka bari, ya kuma san girmansa.

Sa'an nan a dubi ƙafa, domin inda ba a rubuta maganar mutum ba, sau da yawa an rubuta tafiyarsa. Baba da kanta ta faɗi cewa bayan zuwan Turawa bayi da yawa sun watse, wasu kuma suka zauna. Wannan watsewa ita ce shaidar da bayin suka bayar da kansu. Da zaman ya yi musu daɗi yadda ake gani daga cikin gida, da ba su ɗaure kaya ba. Waɗanda suka zauna ma ba za a ce yarda ce ta zaunar da su ba. Wadda aka kamo tana goye, ko wadda ke da 'ya'ya uku da gayauna a Karo, ina za ta nufa?

Daga nan sai a nemi wata shaida ta waje a gwada. Dokar Lugard ta 1901 ta hana saye da sayar da bayi, ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma ba ta 'yantar da waɗanda ke hannu ba. Wannan sai a 1936. Tsakanin nan, hanyar da hukuma ta fi so ita ce bawa ya fanshi kansa, sau da yawa da kuɗin da ya tara yana murgu, a tabbatar a gaban alƙali. Abin da ya haifar da rajistocin 'yantattun bayi ke nan, waɗanda ke ajiye a gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, waɗanda kuma Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka yi aiki da su a littafinsu na 1993.

A rajistar, mutum guda layi guda ne: suna, kimanin shekaru, ƙabila, yadda aka 'yanta shi, inda ya nufa. Ka ɗauka layin ya nuna budurwa, wani namiji ya biya fansarta don ya aure ta. Akawu ya lissafa ta cikin masu 'yanci, hukuma ta saka adadin a rahoton shekara. Amma wa ya biya, hannun wa ya karɓa, gidan wa ta kwana a daren? Lovejoy ya nuna cewa irin wannan fansa sau da yawa hanya ce ta samun sa-ɗaka da izinin kotu. Sunan da ke layin ma yana iya zama wanda ubangida ya laƙaba mata, shekarun kuwa ƙiyasin ido ne. Rajistar ba ta fi Baba adalci ba. Karkatarta ce ta wani gefen daban, shi ya sa haɗa su ke da amfani.

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne na mai tausayi. Marubuci ya ga shiru, zuciyarsa ta karye, sai ya cusa wa baiwar magana a baki, ya ce ta yi kuka, ta tuna garinsu, ta tsani uwargijiyarta. Ana gane irin wannan rubutu da sauƙi: baiwar takan yi tunani daidai da na marubucin, da kalmomin zamaninsa. An sake yin magana a madadinta ke nan, karo na uku, bayan 'yar gida da akawu. Abin da ya halatta a rubuta game da wata mace a rinjin Karo shi ne lokacin da take fita gandu, da irin abin da doka ta ba ta da wanda ta hana ta a shekara kaza, da cewa ƙofa ta buɗe wasu sun fita. In takarda ta nuna ta zauna, a ce ta zauna, a jera dalilan da ka iya zaunar da mace irinta, a kuma faɗa wa mai karatu a sarari cewa daga nan zato ne ya fara.