Buhu Nawa Za Ka Ɗora a Sikeli?

A ce wani ɗan sari ya shiga kasuwar Dawanau da ke Kano, aka buɗe masa sito mai buhunan masara dubu biyar. Ba zai iya auna su duka ba. Sai ya zaɓi huɗu, ya ɗora a sikeli, ya haɗa nauyinsu ya raba gida huɗu. Matsakaicin da ya samu shi zai yi ciniki da shi. To, yaya zai san ko wannan lamba ta kusa da gaskiya?

Mu ƙaddara ainihin matsakaicin buhunan kilo 100 ne, kuma buhu yakan kauce wa wannan nauyi da kimanin kilo 4, sama ko ƙasa. Da zai yi ta maimaita zaɓen, yau ya samu 102, gobe 97, jibi 101. Wato shi kansa matsakaicin yawo yake yi. Girman wannan yawo shi masana ƙididdiga ke kira daidaitaccen kuskure, kuma ga lissafinsa:

SE = σ / √n

Alamar σ ita ce kaucewar buhu ɗaiɗai, kilo 4 ke nan. Ita kuwa √n, lamba ce da in an ninka ta da kanta za ta ba da yawan buhunan da aka auna. Ga buhu 4, lambar 2 ce, sai kuskuren ya zama kilo 2. Ga buhu 16, ya sauka zuwa kilo 1. Ga buhu 64, rabin kilo.

Dalilin raguwar a fili yake. Cikin buhu huɗu, guda ɗaya da aka danƙara zai iya jan lissafin sama. Cikin sittin da huɗu kuwa, masu nauyi da marasa nauyi suna cike giɓin juna. Shi ya sa, in mutum 100 kowa ya auna nasa buhu 64, kusan 95 za su samu amsa tsakanin kilo 99 da 101. Buhunan ba su canza ba, har yanzu akwai mai 94 da mai 106. Matsakaicin ne kawai ya nutsu.

Sai dai sauƙin yana da tsada. Kafin kuskure ya ragu da rabi, dole a ninka aiki sau huɗu. Daga rabin kilo zuwa kwata, buhu 256 'yan dako za su ɗaga.

Akwai kuma abin da yawa ba ya magani. Lissafin yana aiki ne in an zaɓi buhuna ba da son rai ba, daga gaba da tsakiya da ƙuryar sito. In mai kaya ya jera cikakkun a bakin ƙofa, ko sikelin yana ƙara kilo 2, ko buhu dubu aka auna amsar a karkace za ta fito. Don haka ɗan sari mai wayo yakan fara gwada sikeli da nauyin da ya sani, sannan ya kutsa can ƙurya ya nuna buhun da za a ciro.