Yadda Majinyaci Ɗaya Ke Zama Biyu

Mu ɗauki misalin wani ma'aikacin ɗakin kati a ƙaramin asibiti tsakanin Tsafe da Gusau. Da rana yakan rubuta majinyata a rajistar takarda, ya kuma shigar da su a kwamfutar hannu. Da dare, idan sabis ya ɗan yi ƙarfi, na'urar kan tura aikin ranar zuwa babbar ma'ajiya da kanta.

Ƙarshen wata ya zo, zai cike fam ɗin da ake kai wa ƙaramar hukuma don a shigar a DHIS2. A ce rajista ta ba shi 412, na'ura kuma 447. Daga ina mutum 35 suka fito?

Nan take za a ce sakacinsa ne, ya shigar da mutane sau biyu. Wannan magana ta ishe ni! Wa ke iya shigar da mace ɗaya sau biyu a cikin daƙiƙa ɗaya? Da ya jera sunayen, kowane biyu lokacin rajistarsu ɗaya ne har daƙiƙa, lokacin isarsu ma'ajiya ne kaɗai ya bambanta, kuma duka a dararen da sabis ya yi ta yankewa.

Ga abin da ke faruwa. Na'ura ta tura, ma'ajiya ta karɓa ta adana, sannan ta maido da amsar cewa saƙo ya iso. Wannan amsa ce ke ɓacewa a hanya. Na'ura ba ta ji komai ba, sai ta sake turawa, ma'ajiya kuma ta ba shi sabuwar lamba kamar baƙo. Duk wanda mai POS ya taɓa ce masa “bai tafi ba”, aka sake, aka cire kuɗi sau biyu, ya san zancen.

Maganin, wanda kullum yake burge ni, shi ne a yanka wa bayani lambarsa tun a kan na'ura, kafin ya tashi. Manhajar ODK haka take yi: kowane fam da aka cike yana ɗauke da `instanceID` nasa, ko sau goma aka turo shi sau ɗaya za a adana.

Masu cewa a tace da suna kawai, su je Bungudu ranar awon ciki su kira “A'isha Abubakar”, su ga mata nawa za su miƙe. Da yawa ma ba su riƙe ranar haihuwa ba, shekaru ake kintata. Tacewa da suna tana iya haɗe mata biyu a kati ɗaya, kuma wannan ya fi maimaici haɗari, domin maganin wata zai hau kan wata.

Shi dai ma'aikacin bai goge komai da gaggawa ba. Wasu matan sun dawo asibiti, an rubuta sabon awonsu a kan lamba ta biyu. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da lambar kati, ya mayar da awon kan lambar farko, sannan ya rufe ta biyun.