Kafin a loda hoton katin shaida

Hoton takardar NIN yana ɗauke da fuska, suna, adireshi da lamba mai alƙaluma 11, kuma da waɗannan kaɗai ɗan damfara kan yi shigar burtu da sunan mai ita. Don haka ma'aikacin da aka turo wa irin wannan hoton, ko don gyara haske ko don ciro rubutu, yakan fara tantance abin da aikin ke buƙata. In suna kawai ake so, sai a yanke sauran.

Wajen rufewa ake yawan kuskure. Dusashe lamba bai isa ba, domin akan iya gano ta daga inuwar alƙaluman. Baƙin zane mai kauri ya fi, a kuma adana hoton a matsayin sabon fayil. A ƙara haskensa a duba: in lambar ta leƙo, zanen bai rufe ba.

Akwai kuma bayanan EXIF da ido ba ya gani, waɗanda kan nuna inda aka ɗauki hoton, wato sau da yawa gidan mai shi. Su ma a goge su kafin lodawa.