Makin Da Ya Fi Ƙarfin Gaskiya: Yadda Amsar Jarabawa Ke Sulalewa Wurin Na'ura

Wasu malaman ilimin ƙididdiga uku na Jami'ar Stanford, Trevor Hastie da Robert Tibshirani da Jerome Friedman, sun kawo wani gwaji mai ɗaure kai a littafinsu The Elements of Statistical Learning. Sun ƙirƙiri samfura 50, suka raba su gida biyu daidai wa daida. Kowane samfuri suka ba shi lambobi 5,000 da kwamfuta ta zubo haka kawai, ba tare da wata alaƙa da gidan da yake ciki ba. Sannan suka koya wa manhaja ta riƙa faɗin gidan kowane samfuri daga lambobinsa. Tunda babu abin koyo a ciki, kamata ya yi ta ci rabi ta faɗi rabi. Amma da aka auna ta, kuskurenta kashi 3 cikin 100 ne kacal.

Manhajar ba duba ta yi ba. An dai bar amsa ta sulale mata ne ta wata kafa da ba a lura da ita ba. Masu wannan fanni suna kiran matsalar yoyon bayanai, kuma duk ɗalibin da ya shiga ajin koyar da na'ura zai yi karo da ita tun a makonnin farko.

Aikin da aka saba fara ba ɗalibai shi ne gina manhajar rarrabewa, wato wadda za a nuna mata abu ta ce ga rukunin da ya faɗa. Akwai wasu bayanai daga Jami'ar Wisconsin da malamai ke yawan amfani da su, domin suna zuwa ne a cikin scikit-learn, rumbun kayan aiki na harshen Python. Bayanan ƙari ne da aka samu a maman mata 569. An zuƙo ɗan abin da ke cikin kowane ƙari da siririyar allura, aka ɗauki hoton ƙwayoyin halittarsa, aka fitar da ma'auni 30 kamar faɗi da kewaye da santsin gefe. Likitoci sun riga sun tabbatar cewa 212 sankara ce, 357 kuma ƙari ne marar illa. Abin da ake so manhajar ta koya shi ne ta dubi ma'aunan nan 30 ta faɗi wanne ne wanne.

Kafin a taɓa komai, sai a raba bayanan. A ware kashi 20 cikin 100, wato mata 114, a kulle su gefe don gwaji. Sauran 455 su ne na horo.

```python
from sklearn.datasets import load_breast_cancer
from sklearn.linear_model import LogisticRegression
from sklearn.model_selection import train_test_split
from sklearn.pipeline import make_pipeline
from sklearn.preprocessing import StandardScaler

X, y = load_breast_cancer(return_X_y=True)
X_train, X_test, y_train, y_test = train_test_split(
    X, y, test_size=0.2, stratify=y, random_state=0)
m = make_pipeline(StandardScaler(), LogisticRegression())
m.fit(X_train, y_train)
m.score(X_test, y_test)
```

Umarnin `stratify=y` yana tabbatar da cewa yawan masu sankara a ɓangaren gwaji ya yi daidai da yawansu a cikin duka bayanan, don haka cikin 114 ɗin za a samu 42 masu sankara da 72 marasa ita. Ita kuwa `LogisticRegression` aikinta ba wani siddabaru ba ne. Tana ba kowane ma'auni nauyi, ta haɗa jimilla, ta mayar da jimillar zuwa lamba tsakanin 0 da 1. Horo yana nufin gyara waɗannan nauye-nauye a hankali har hasashenta ya yi kusa da abin da likitoci suka rubuta a kan mata 455 ɗin.

Layin ƙarshe zai fito da maki, kuma a waɗannan bayanai yakan haura kashi 95 cikin 100. A nan ɗalibi kan yi murmushi ya rufe kwamfuta, alhali aikin bai ƙare ba. Manhajar da ba ta san komai ba, wadda kowa ya zo sai ta ce masa lafiya lau, za ta dace a mata 72 cikin 114, wato kashi 63. Daga nan ake fara ƙirga ƙoƙari, ba daga sifili ba. Sannan kuskure ba iri ɗaya ba ne. A ce manhajar ta yi daidai a 110 ta kuskure 4. Idan uku daga cikin huɗun mata ne masu sankara da ta ce ba su da komai, to ta gano 39 ne cikin 42, kusan kashi 93, kuma waɗannan ukun su ne za su koma gida da cuta a jiki. Ta huɗun, wadda aka tsorata a banza, ƙarin bincike zai wanke ta. Shi ya sa malami nagari ba ya karɓar maki guda. Sai ya ga teburin `confusion_matrix`, mai nuna kowane irin kuskure a gurbinsa. Akwai ma wani ɗan tarko a nan: a cikin scikit-learn lamba 0 ce ke nufin sankara, 1 kuma ƙari marar illa, saɓanin abin da yawancin ɗalibai ke zato.

Duk waɗannan alƙaluma suna da daraja ne bisa sharaɗi ɗaya, cewa mata 114 ɗin baƙi ne ga manhajar. Ɗalibin da ya ga takardar jarabawa tun daren jiya zai ci maki mai yawa, amma makin ba zai gaya wa kowa abin da ya iya ba.

Kafa ta farko da yoyo ke bi ita ce gyaran bayanai kafin rabo. Ma'aunan Wisconsin ba girmansu ɗaya ba. Na faɗin ƙwaya yana kai ɗaruruwa har dubbai, na santsi kuwa yana yawo ne kusa da 0.1. `StandardScaler` ke daidaita su, ta hanyar lissafa matsakaicin kowane ma'auni da yadda yake warwatsuwa. Idan ɗalibi ya yi wannan lissafi da duka 569 sannan ya raba, to matan gwaji sun sa hannu a cikin horo. Gaskiyar magana, a waɗannan bayanai bambancin da hakan ke kawowa ɗan kaɗan ne, wani lokaci ma makin ba ya motsawa, kuma wannan ne ke sa ɗalibai raina gargaɗin. Amfanin `make_pipeline` shi ne yana ɗaure gyaran da horon wuri guda, ta yadda za a lissafa matsakaicin daga mata 455 kawai.

Inda wannan sakaci ke zama bala'i shi ne wajen zaɓen ma'auni, kuma nan ne sirrin gwajin malaman Stanford yake. Da gangan suka bi gurguwar hanya. Sun fara duba duka samfura 50 tare da amsoshinsu, suka tsinto lambobi 100 cikin 5,000 da suka fi tafiya tare da amsar, sannan suka raba bayanan don horo da gwaji. Cikin jerin lambobi har 5,000, dole a samu waɗanda suka yi kama da amsar bisa katari kawai. Tunda an duba amsoshin samfuran gwaji wajen zaɓen, katarin ya shafe su su ma, sai manhajar ta fito kamar gwana. Da aka maimaita aikin ana yin zaɓen daga ɓangaren horo kaɗai, fifikon ya ɓace, domin ainihin kuskuren kashi 50 ne.

Kafa ta biyu ba a cikin lissafi take ba, a cikin mutanen da aka auna take. A shekarar 2017 wata tawaga a Stanford, wadda Andrew Ng ke ciki, ta fitar da CheXNet, manhajar gano ciwon nimoniya daga hoton ƙirji. Sun yi aiki da hotuna 112,120 na majinyata 30,805. Ke nan mutum ɗaya yakan samu hotuna da yawa. A rubutunsu na farko hotunan suka raba barkatai, wanda ke nufin hoton majinyaci na iya faɗawa ɓangaren horo, wani hotonsa kuma ya faɗa na gwaji. A irin wannan hali manhaja na iya gane ƙirjin mutumin, da siffar haƙarƙarinsa, maimakon gane cutar. Bayan an ja hankalinsu sun sake rabon ta yadda kowane majinyaci zai tsaya ɓangare guda. A aji, `GroupKFold` ke yin wannan aiki. Haka abin yake idan bayanan na tafiya da lokaci, kamar farashin hatsi ko saukar ruwan sama: ana horo da watannin baya, a yi gwaji da na gaba.

Ta uku ta fi su wuyar gani. A gasar KDD Cup ta 2008 an ba masu fafatawa bayanan hotunan mama don gano sankara. Tawagar IBM, wadda Claudia Perlich da Saharon Rosset ke ciki, ta lura cewa lambar rajistar majinyaciya kaɗai tana nuna yiwuwar ciwon sosai. Bisa dukkan alamu an tattaro bayanan ne daga wurare daban-daban, kowane wuri da jerin lambobinsa, wasu wuraren kuma sun fi yawan masu cutar. Babu wani rabo, komai kyansa, da zai toshe wannan, domin amsar tana zaune ne a cikin ma'aunin kansa. Tambayar da ake koya wa ɗalibi ya yi wa kowane ma'auni ita ce, a ranar da sabuwar majinyaciya ta shigo, za a san wannan abu tukuna, kuma yana da dalilin alaƙa da cutar? Idan a teburin akwai gurbin da ke nuna an rubuta wa mutum maganin sankara, to wannan gurbi ya biyo bayan amsar ne.

Ba ɗalibai kaɗai ke zamewa ba. Sayash Kapoor da Arvind Narayanan na Jami'ar Princeton sun wallafa nazari a 2023 da ya tattaro takardun bincike 294 a fannoni 17 da yoyon bayanai ya shafa.

Akwai kuma yoyon da ɗalibi ke yi da idonsa. Ya gwada, makin bai yi masa ba, ya sauya wani saiti, ya sake gwadawa da mata 114 ɗin, har ya samu abin da yake so. A hankali shi da kansa ya zama hanyar da amsar ke bi. Maganin shi ne a yi duk gwaje-gwajen zaɓi a cikin 455 ɗin. `cross_val_score` na iya raba su kashi biyar, mata 91 kowanne, a yi horo da huɗu a auna da na biyar, a juya har kowane kashi ya samu zagayensa. Sai an gama yanke shawara ake buɗe na gwaji, sau ɗaya.

Gano yoyo yakan fara ne da zargi. Maki kamar kashi 99 a matsalar da ƙwararru ke shan wuya a kanta ya isa a sake duba aikin daga tushe. Ana duba ma'aunin da ya fi nauyi a hasashen, a ga ko mai ma'ana ne ko kuwa lambar rajista ce ko kwanan wata. Ana neman layukan da suka maimaitu a ɓangarorin biyu. Akwai kuma gwaji mai arha da kowane ɗalibi zai iya yi: ya hautsina duka amsoshin, ta yadda babu sauran alaƙa tsakanin ma'auni da cuta, sannan ya sake bin matakansa tun daga farko. A bayanan Wisconsin makin ya kamata ya faɗo wajen kashi 63 ko ƙasa da haka. Idan ya tsaya can sama, to wani mataki yana leƙa amsoshin gwaji. Wannan dabara tana kama irin yoyon zaɓen ma'auni, amma ba ta kama na lambar rajista, domin hautsinawar tana goge wannan alaƙa ita ma. Shi sai an koma ga waɗanda suka tattara bayanan an tambaye su yadda aka cike kowane gurbi, da kuma lokacin da aka cike shi.