Hoton Miki: Abin da Yake Nunawa da Abin da Yake Ɓoyewa

Yanzu ya zama al'ada a asibitoci da ɗakunan shan magani, in an kawo mai gyambo, ma'aikacin lafiya ya ɗauki hoton mikin ran da aka fara jiyya, sa'an nan ya sāke ɗaukar wani bayan 'yan makonni, a jera su a gani ko ana samun sauƙi. Dalilin yin haka a fili yake. Wanda ke wanke miki kullum ba ya lura da canjin da ke zuwa kaɗan-kaɗan, kamar yadda uwa ba ta ganin girman ɗanta sai baƙo ya faɗa. Kuma wanda ya duba majiyyaci yau ba lalle ne shi zai duba shi a wata mai zuwa ba. Amma fa hoto biyu suna iya ruɗin mutum, in bai san yadda aka ɗauke su ba.

A ɗauki misali. Ga wani magidanci mai ciwon sukari, gyambo ya fito masa a ƙafa. Ran farko aka auna mikin, tsawonsa santimita 6, faɗinsa santimita 4, aka ɗauki hoto daga nisan santimita 30. Bayan mako huɗu wani ma'aikaci ya ɗauki hoto na biyu, amma shi ya ja da baya, ya ɗauka daga nisan santimita 40. To, ko da mikin nan bai ragu da ƙwayar gero ba, a hoto na biyu zai fito kamar mai tsawon santimita 4 da rabi da faɗin santimita 3, gama abin da ya yi nisa ƙarami yake fitowa. Duk wanda ya jera hotunan zai ce madalla, kusan rabin mikin ya tafi, alhali kuwa hannun mai ɗauka ne kaɗai ya motsa. Haka kuma in an karkata kyamara, miki mai da'ira sai ya fito a matse kamar ƙwai.

Saboda haka ne tilas a ajiye rula a gefen mikin, a kan fata, ta fito a cikin hoton. An fi son rula ta takarda wadda za a yar bayan an gama, domin kada a kwashi cuta daga wannan majiyyaci a kai wa wancan. A rubuta kwanan wata a jikinta. A sa majiyyaci ya kwanta yadda ya kwanta a karon farko, a riƙe kyamara ta fuskanci mikin sosai, ba ta gefe ba. Kuma sai an kwance bandeji an wanke mikin da ruwan gishiri na asibiti kana a ɗauka, domin ragowar magani da mugunya suna rufe ainihin launinsa. Ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa, ba a kuma sa fuskarsa a ciki.

Mu koma ga mutuminmu. Da aka auna da rula a mako na huɗu, sai aka sami tsawo santimita 5, faɗi santimita 3. A ido abin bai taka kara ya karya ba, santimita ɗai-ɗai ne suka ragu. Amma ana ninka tsawo da faɗi ne. Da farko 6 sau 4, watau 24. Yanzu 5 sau 3, watau 15. An rage 9 daga cikin 24, fiye da sulusi ke nan. Wannan lissafi yakan zarce ainihin girman miki, da yake miki ba murabba'i ba ne, amma in an bi hanya ɗaya kowane karo, ya isa a kwatanta. Binciken likitoci ya nuna cewa gyambon ƙafar mai ciwon sukari da bai ragu da kamar rabi ba a mako huɗu, da wuya ya rufe cikin mako goma sha biyu. Ke nan mutuminmu yana samun sauƙi, amma bai kai yadda ake so ba, ya kamata likita ya sāke duba jiyyar: ko yana taka ƙafar, ko sukarin bai sauka ba, ko jini ba ya isa wurin.

Launi ma abin dubawa ne. Jan nama mai ƙurji-ƙurji sabuwar tsoka ce, alama ce mai kyau. Rawaya mai yauƙi da baƙi mai tauri mataccen nama ne. Siririyar fata mai haske da ke tasowa daga bakin miki tana shiga ciki, ita ce sabuwar fata. Sai dai launi a hoto ba abin dogara ba ne sosai. Hasken taga da na fitilar ɗaki ba ɗaya ba ne, walƙiyar kyamara takan sa jiƙaƙƙen miki ya yi ƙyalli har ya yi kama da mai mugunya, wayoyi kuwa kowace da yadda take gyara launi da kanta. Ga kuma wani abu da ya shafe mu musamman: jan da fata ke yi kewaye da miki in cuta ta shiga ba ya fitowa sosai a baƙar fata. Wurin yakan ƙara duhu ne kawai ko ya yi sheƙi, a hoto kuwa sau da yawa ba a ganin kome.

Babban abin da hoto bai iya nunawa shi ne zurfi. Miki yana iya tsuke baki daga sama alhali yana cin nama daga ƙasa, ya yi kogo a ƙarƙashin fata. A ce da ma'aikaci ya zura tsinke mai auduga, wanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a bakin mikin mutuminmu, sai ya shige santimita 2 ƙarƙashin fatar da ke kama da lafiyayya. To, lissafin nan na 15 ya zama na baki kaɗai, ainihin mikin ya fi haka. In kuwa likita ya zura ƙarfen gwaji ya ji ya taɓa ƙashi, akwai tsoron cuta ta kama ƙashin, sai an yi hoton ƙashi da waɗansu gwaje-gwaje. Hoto ba ya jin wari, ba ya jin ɗumin fata, ba ya jin bugun jijiya a ƙafa, bai kuma san ko majiyyaci ya kwana da zazzaɓi ko kaluluwa ta fito masa ba. Mai ciwon sukari ma sau da yawa ƙafarsa ta mutu da ji, rashin kukansa ba shaida ba ce.

Akasin haka ma yana faruwa. In likita ya kankare mataccen nama, mikin zai fito ya fi dā girma da zurfi, 'yan'uwa su ga hoto hankalinsu ya tashi, su ce asibiti ya ɓata ƙafa. Ba haka ba ne, abin da yake ɓoye ne aka tone, kuma daga ranar ce ya kamata a fara sabon awo. Gyambon da ya shekara da shekaru kuwa, in bakinsa ya kumbura ya yi tauri, namansa ya tsiro ya zarce fata, kada a ɗauka cikowa yake yi. Wani lokaci tsohon gyambo yakan rikiɗa ya zama ciwon daji, ba a kuwa tabbatar da wannan sai an yanki ɗan nama an duba a ɗakin gwaji.

Masu jiyya a gida da ke aika wa ma'aikacin lafiya hoto ta waya, su haɗa da bayani: sau nawa bandeji ke jiƙewa a yini, ko wari ya canza, ko ciwo ya ƙaru. In kuwa ƙafa ta kumbura ta yi zafi, ko yatsa ya fara baƙi, ko zazzaɓi ya zo, kada a tsaya jiran amsar hoto, a kai majiyyaci asibiti a ranar.