Idan Esfireso Ya Cika Gudu, Me Ake Fara Gyarawa?

Mai haɗa kofi ya danna maɓallin inji, kafin ya ɗauko faranti ɗan kofin har ya cika. Ruwan da ya zubo tsararo ne, kumfar da ke samansa fari-fari, ba ta jima ba ta ɓace. In aka kurɓa sai tsami ya kama harshe, wani lokacin har da ɗan gishiri-gishiri, kuma babu kauri a baki. Wannan ita ce matsalar da ta fi damun duk wanda ya sayi injin esfireso, ko don gida ko don shago, kuma yawanci injin ake ɗora wa laifi. Galibi injin lafiyarsa ƙalau. Garin kofin ne bai tsare ruwan ba.

Esfireso salon Italiya ne na haɗa kofi, inda inji ke tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin dannannen garin kofi. Injinan farko da tururi suke aiki, har zuwa ƙarshen shekarun 1940 lokacin da Achille Gaggia ya fito da inji mai hannun ja a birnin Milan, wanda ya ƙara ƙarfin turin sosai, shi ya kawo kumfar nan mai ruwan ƙasa da aka san esfireso da ita. A 1961 kamfanin Faema ya fitar da injin E61 mai famfon lantarki, wanda ke tura ruwa da ƙarfin ba 9, wato kusan ninki tara na nauyin iskar da ke kanmu. Har yau yawancin injina a kan wannan ma'auni suke, da ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96.

To, ruwan da aka turo da irin wannan ƙarfi, babu abin da ke gabansa sai garin kofin da aka zuba a ɗan kwandon ƙarfe mai ramuka. Garin shi kaɗai ne birki. In aka zuba ruwa a kan tsakuwa, nan take zai wuce; in aka zuba shi a kan yashi mai laushi, sai ya ɗauki lokaci yana tsuma. Haka garin kofi yake. In niƙan ya yi tsaki-tsaki, akwai manyan kafofi tsakanin ƙwayoyin, ruwa ya bi ya fice bai ɗauko komai ba sai abin da ke saurin narkewa. Abin da ya fi saurin narkewa a kofi kuwa shi ne tsami. Zaƙi da kauri suna biyo baya, ɗaci ya zo a ƙarshe. Shi ya sa esfireso mai gudu yake tsami, wanda kuma ya daɗe yana ɗiga yake ɗaci har ya bushe baki.

Abubuwa uku ne a hannun mai haɗawa: laushin niƙa, nauyin garin da ya zuba, da nauyin kofin da ya tara a ƙasa. Lokaci ba ya cikin ukun, shi labari kawai yake bayarwa kan yadda ukun suka haɗu. Ma'aunin da yawancin shagunan kofi ke farawa da shi a yau shi ne giram 18 na gari, a tara giram 36 na kofi, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 daga lokacin da aka danna maɓalli. Wato kowane giram ɗaya na gari ya ba da giram biyu. Dole a samu ɗan sikeli mai nuna ɓarin giram, a auna garin, sannan a ɗora kofin a kansa yayin da ruwan ke zuba. Auna da ido ba ya aiki a nan, domin kumfa tana ruɗar mutum: sabon kofi yana kumfa sosai, sai a ga kamar ya cika alhali nauyinsa bai kai ba.

Bari mu bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe. An buɗe sabuwar leda ta kofi mai matsakaicin suya. An zuba giram 18, an danne, an tara giram 36, agogo ya nuna daƙiƙa 14. Ɗanɗano tsami zalla. Abin da hannu ke saurin kai wa shi ne a ƙara gari, a ƙara ƙarfin dannawa, a kuma juya injin niƙa, duk a lokaci guda. Wanda ya yi haka, ko da ya dace kofin ya yi daɗi, ba zai san wanne ne ya gyara ba, gobe kuma ba zai iya maimaitawa ba. Don haka a bar giram 18 da giram 36 yadda suke, a taɓa niƙa kaɗai.

Tunda tazarar tana da yawa, daga 14 ana neman kusan 27, sai a matsar da injin niƙa zuwa laushi da ɗan dama, a ce mataki biyu. Matakan sun bambanta daga inji zuwa inji, lambar da ke jikin na wani ba ta da amfani a naka, amma alkiblar ɗaya ce. Akwai wani abu da sababbin hannu ke mantawa: injin niƙa yana riƙe ragowar garin baya a cikinsa. In aka canza mataki aka niƙa nan take, abin da zai fito gauraye ne na tsohon niƙa da sabo. Sai a fara niƙa 'yan giram kaɗan a zubar. Asara ce, amma ba ta kai asarar cikakken kofin da zai ba ka labarin ƙarya ba.

A gwaji na biyu, a ce agogo ya nuna daƙiƙa 21. Ruwan ya fara fitowa da duhu, tsamin ya ragu amma yana nan. Yanzu mataki ɗaya ya isa, ko rabi ma, domin idan an matso kusa, ƙaramin juyi na iya ƙara daƙiƙa huɗu ko biyar. Gwaji na uku ya ba da daƙiƙa 27, kofin ya sauko a hankali, siriri, mai kauri. Daga nan agogo ya gama aikinsa, saura harshe.

A ce an ɗanɗana, akwai zaƙi, amma har yanzu akwai ɗan tsami a gefen harshe. A nan ne nauyin abin da aka tara ke shigowa, kuma a ganina shi ne makamin da aka fi rainawa. Ba sai an sake taɓa niƙa ba. A bar ruwan ya ci gaba da zuba har ya kai giram 40 maimakon 36. Ƙarin ruwan zai ɗauko ƙarin zaƙi daga garin, ya danne tsamin, sai dai kofin zai ɗan rage kauri. In kuma ɗaci ne ya fara leƙowa a ƙarshen kurɓa, sai a tsaya da wuri, a giram 33 ko 34. Irin suyar ma tana da tasiri. Kofi mai baƙar suya yana saurin sakin abin da ke cikinsa, don haka ya fi son a tsaya da wuri. Mai sassauƙar suya yana da tauri, yakan nemi ƙarin ruwa, har giram 45 daga giram 18 ba laifi ba ne. A tuna kuma a kashe inji kafin sikeli ya kai lambar da ake so da giram ɗaya ko biyu, domin ruwan kan ci gaba da ɗiga.

Nauyin gari shi ake taɓawa a ƙarshe. Gaskiya ne ƙara gari yana rage gudu, tunda ruwa zai ratsa kauri mai yawa. Amma in aka ƙara gari aka bar giram 36 a ƙasa, ruwan bai ƙaru ba, garin da zai wanke ya ƙaru, don haka tsamin na iya tsayawa duk da cewa agogo ya yi kyau. Ga shi kuma kowane kwando da iyakarsa. Wanda aka yi don giram 18 yana ɗaukar 17 zuwa 19. In aka cusa masa 21, garin zai tokare ragar da ruwa ke fitowa, ya tsage tun kafin a fara. Inda ƙarin gari ke da amfani shi ne idan matakan injin niƙa manya ne, wannan ya yi gudu, na gabansa ya toshe. Sai a tsaya a mai gudun, a ƙara rabin giram ko giram guda, a ƙara abin da ake tarawa daidai gwargwado.

Akwai lokacin da ake ta ƙara laushi amma gudun bai tsaya ba, ko yau daƙiƙa 18, anjima 30, ba a canza komai ba. Wannan alama ce ruwa ya samu ɓarauniyar hanya. Garin bai kwanta daidai ba, akwai gudaji ko gefe ɗaya ya fi tudu, ruwa ya fasa wuri guda ya bi, ya bar sauran. Ana gane shi a baki, domin kofin yana haɗa tsami da ɗaci a kurɓa ɗaya. Ana kuma iya ganin ɗan rami a saman garin bayan an cire. Maganinsa a baje garin da siraran allurai kafin a danne, a kuma danne shi a miƙe, kada ya karkace. Ƙarfin dannawa ba shi da tasirin da ake zato. Da zarar garin ya daina nutsewa, ƙara ƙarfi gajiyar da hannu ne kawai. Yawan laushi ma yana jawo wannan fashewar. Wani bincike da Christopher Hendon na Jami'ar Oregon da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Matter a 2020 ya nuna cewa idan niƙa ya wuce wani mataki na laushi, abin da ruwa ke ɗaukowa daga garin raguwa yake yi, saboda wasu sassan sun toshe. Har suka ba da shawarar a rage gari, a rage laushi, a bar kofin ya fito da sauri. Wato esfireso mai gudu ba kullum yake da laifi ba, in dai ɗanɗanonsa ya yi.

Sai kuma shekarun kofin kansa. Ƙwayar da aka soya tana ɗauke da iskar gas da ke fita a hankali, wannan iskar kuma tana taimakawa wajen tsare ruwa. Shi ya sa ledar da aka daidaita a makon farko za ta fara gudu bayan mako biyu ko uku, sai an riƙa ƙara laushi kaɗan-kaɗan. Ƙwayar da ta yi watanni a buɗe kuwa, ko garin da aka saya a niƙe, da wuya su tsare ruwa a kwando na gaske, komai aka yi musu. Ƙananan injinan gida da yawa suna zuwa da kwando mai bango biyu da rami ɗaya tak a ƙasa, wanda shi da kansa yake rage gudun ruwa don a iya amfani da irin wannan gari. Mai irin wannan kwando zai ga canza niƙa ba ya motsa agogo sosai, sai ya sauya zuwa kwando mai ramuka da yawa kafin gwajin giram 18 da 36 ya yi masa aiki.